Inbois ɗin da ba ya gogewa: abin da ke sauyawa idan hukumar haraji na ganin ciniki nan take

A tsarin da aka saba da shi, tsakanin ranar da ɗan kasuwa ya rubuta inbois, wato takardar ciniki, da ranar da hukumar haraji ta ji labarinsa akwai makonni, wani lokaci ma watanni. A cikin wannan tazarar ce ƙananan kamfanoni ke gyara kurakuransu. Idan an rubuta farashin da ba shi ba, sai a yaga takardar a sake wata. Idan kwastoma ya mayar da wani ɓangare na kaya, sai a buɗe fayil a canza adadi. Ƙarshen wata akanta ya zo ya tattara, ya tambayi abin da bai gane ba, ya daidaita lissafi, sannan ya miƙa wa hukuma jimilla guda mai tsabta. Hukuma ba ta ganin yadda aka kai ga wannan jimillar sai idan ta turo masu bincike.

Tsarin kai rahoton inbois nan take wannan tazarar ce yake kashewa. Kowace takardar ciniki, da sunan mai saye, da lambar harajinsa, da kayan da aka sayar layi-layi, da harajin VAT ɗin da ke kai, tana isa kwamfutar hukuma a daidai lokacin da aka fitar da ita ko jim kaɗan bayan haka. Yawancin masu ƙananan sana'o'i idan suka ji wannan, tambayarsu ta farko ita ce wace manhaja za a saya kuma nawa ce. A ganina wannan ce tambaya mafi sauƙi a cikin lamarin. Mai wuyar ita ce: duk dubawar da ake yi a ƙarshen wata, wa zai yi ta yanzu kafin a danna maɓallin turawa?

Da farko sai a bambance iri biyu, domin abin da ke kan ɗan kasuwa ya danganta da wanda ƙasarsa ta ɗauka. A iri na farko, inbois ba ya zama inbois sai hukuma ta amince da shi. Manhajarka ta tura bayanan, kwamfutar hukuma ta duba, ta buga masa lamba ko hatimi, sannan ne kake da ikon ba kwastoma. Haka ake yi a Meziko, haka Italiya take yi tun 1 ga Janairun 2019 ta hanyar tsarinta na SdI, haka kuma Indiya ta fara a Oktoban 2020, inda kowane inbois na tsakanin kamfanoni ke samun lamba ta musamman da ake kira IRN. A iri na biyu kai ne ke ba kwastoma takardarsa kai tsaye, amma dole bayananta su isa hukuma cikin wa'adi. Hungary ta fara wannan a Yulin 2018, kuma a can da zarar manhaja ta fitar da inbois dole ta tura bayanan da kanta ba tare da hannun mutum ba. Sifen, wadda ta fara tsarinta na SII a Yulin 2017, tana ba kamfanonin da ya shafa kwana huɗu. Saudiyya kuwa ta haɗa biyun: daga Janairun 2023 ta fara shigar da kamfanoni rukuni-rukuni, cinikin kamfani da kamfani sai an amince tukuna, na mai saye ɗaiɗaiku kuma a kai rahotonsa cikin awa 24.

Mai ƙaramin kamfani da ya ji an ce dokar ta manya ce kada ya saki jiki. Indiya ta fara ne da kamfanonin da cinikinsu na shekara ya haura rufi biliyan 5, amma zuwa Agustan 2023 an sauko da iyakar zuwa rufi miliyan 50. Hungary da farko inbois ɗin da harajinsa ya kai forint 100,000 kawai take nema, a Yulin 2020 ta cire iyakar gaba ɗaya. Italiya ta keɓe ƙananan masu sana'a da ke ƙarƙashin sassauƙan tsarin haraji, ta shigo da wasunsu a 2022, sauran duka a Janairun 2024. Kuma tun kafin doka ta iso kanka, manyan kwastomominka da ta riga ta shafa sukan fara matsa maka lamba, domin su ma lissafinsu ya rataya ne a kan takardunka.

To, bari mu ɗauki ciniki guda mu bi shi tun daga farko. A ce ƙaramin kamfani ne mai sayar da fitilun lantarki a kan sari. Akwai mai kamfanin, akwai ma'aikaciya mai karɓar oda da rubuta inbois, akwai mai kula da sito, sai akanta da ke leƙowa ƙarshen wata. Ranar 29 ga wata wani kamfanin gine-gine ya yi odar kwali 40, kowane kwali a kan 250, ko da wane irin kuɗi ne. A ce harajin kashi 15 cikin ɗari ne. Mai rubuta inbois ta yi abin da ta saba: oda na shigowa ta buga takarda. Kaya 10,000, haraji 1,500, jimilla 11,500. Ta danna, hukuma ta amince cikin daƙiƙoƙi.

Da aka zo lodi, mai sito ya tarar kwali 36 ne kawai ke da lafiya, huɗu sun jiƙe. Ya loda 36, direba ya tafi. Washegari kwastoma ya kira ya ce ai shi da mai kamfanin sun yi magana ta waya, an yi masa ragin kashi 5 cikin ɗari. Gaskiya ne kuwa, mai kamfanin ne bai gaya wa kowa ba. Ainihin cinikin ke nan: kwali 36 a kan 9,000, a cire ragin 450, saura 8,550, haraji 1,282.50, jimilla 9,832.50.

A da wannan ba komai ba ne. A buɗe fayil, a mayar da 40 zuwa 36, a saka ragi, a sake bugawa da lamba ɗaya da kwanan wata ɗaya, a ce wa kwastoma ya yaga ta farkon. Yanzu kuwa inbois ya zama zarar bunu, wanda ya fita ba ya komawa. Takardar 11,500 tana zaune a rumbun bayanan hukuma, kuma a ƙasashe da yawa ta riga ta bayyana a shafin kwastoma a matsayin sayayyar da zai iya cire harajinta daga harajin da shi zai biya wa hukuma. Hanyar gyara ita ce fitar da wata takarda ta daban, takardar ragi, wadda ke ɗauke da lambar inbois na asali, ta kuma faɗi abin da ake ragewa: kwali huɗu, 1,000 da harajinsa 150. Idan an riga an tura wannan kafin maganar ragin farashi ta fito, sai a sake wata ta biyu: 450 da harajinsa 67.50. Ciniki ɗaya ya haifi takardu uku, kowace ta bi ta hannun hukuma, kowace kuma dole akantan kwastoma ya haɗa ta da 'yan'uwanta kafin ya biya. Shi ya sa biyan kuɗi ke jinkiri, domin kamfanin da ke da tsari ba ya sakin kuɗi a kan takardar da ba ta yi daidai da kayan da ya karɓa ba.

Akwai kuma maganar kwanan wata. An fitar da inbois ranar 29, takardun ragi ba su fita ba sai ranar 3 ga sabon wata. A tsare-tsare da yawa wannan na nufin a lissafin watan farko kamfanin zai biya haraji 1,500 cif, sai a wata mai zuwa ya rage 217.50. Kuɗin ba su ɓace ba, amma sun fita daga hannunsa wata guda, alhali kwastoman bai ma biya ko sisi ba. A ciniki ɗaya wannan ƙaramin abu ne. Ga kamfanin da ke gyara inbois ɗaya cikin kowane goma, jarin juyawa ne ke kwana a asusun gwamnati.

Mafi muni shi ne gyaran da hankali ya fi saurin kawowa. Mai rubuta inbois, da kyakkyawar niyya, ta buga sabon inbois na 9,832.50 da sabuwar lamba, ta tura wa kwastoma, ta ce ya manta da na farko. Kwamfutar hukuma ba za ta ƙi shi ba, domin babu abin da ya saɓa wa ƙa'ida a jikinsa. Amma yanzu a idon hukuma kamfanin ya sayar da kayan 18,550, harajin da ke kansa kuma 2,782.50. Idan akanta ya cike takardar haraji da ainihin adadin, sai a sami giɓin 1,500 tsakanin abin da ya faɗa da abin da hukuma ke gani, kuma irin wannan giɓin kwamfuta ce ke gano shi, ba sai an turo kowa ba. Kwastoma marar tsoron Allah ma zai iya cire haraji a kan takardun biyu, kuma ranar da aka bincika, sunan mai sayarwa ne a kan dukkansu.

Wani zai ce me ya hana a soke na farkon kawai? Sokewa tana nan, amma ƙofarta ƙunci gare ta. A Indiya awa 24 ke gare ka ka soke lambar IRN, kuma duka takardar ake sokewa, ba a soke rabi. Bayan nan sai takardar ragi. A Meziko dole ka faɗi dalilin sokewa, kuma a lokuta da yawa sai mai saye ya yarda, yana da kwana uku na aiki ya amsa, idan ya yi shiru a ɗauka ya yarda. A Italiya inbois ɗin da ya riga ya wuce ta SdI ba a janye shi, sai dai a bi shi da takardar ragi. A Saudiyya kowane inbois yana ɗauke da lambar jeri da kuma wata alama da aka lissafo daga inbois ɗin da ya gabace shi, ta yadda idan aka zare ɗaya daga tsakiya sarƙar za ta tsinke a fili. Dalilin duk wannan tsaurin ba ɓoyayye ba ne. Tsohuwar dabarar masu kauce wa haraji ita ce a ba mai saye takarda ya cire haraji da ita, sannan mai sayarwa ya goge tasa. Hukumomi sun toshe wannan hanyar, mai kuskure na gaskiya kuma toshewar ta shafe shi tare da maƙetaci.

Idan aka koma kan cinikin fitilun, za a ga cewa babu inda manhaja ta yi laifi. Kurakuran biyu daga tsarin aiki suka fito: an rubuta inbois kafin a ƙirga kaya, kuma farashi yana cikin kan mutum ɗaya. Saboda haka canji na farko kuma mafi girma shi ne a matsar da lokacin fitar da inbois. Oda ta shigo, a ba kwastoma takardar tayin farashi ko tabbacin oda, waɗanda ba takardun haraji ba ne kuma ana iya gyara su sau goma. Mai sito ya ƙirga, ya rubuta abin da ya loda a takardar kai kaya. Daga wannan adadin, ba daga oda ba, ake gina inbois. Duk wani ragi da aka yi alkawarinsa a waya ko a baki dole ya shiga cikin odar a rubuce kafin a kai ga wannan matakin, kuma wanda wannan ƙa'idar ta fi ɗaurewa shi ne mai kamfanin kansa, domin shi ne ya saba yanke farashi yana tsaye a bakin mota.

Sai dai jinkirin ma yana da iyaka, kuma a nan ne wasu ke faɗawa ɗaya ramin. Kowace ƙasa tana da wa'adin da dole a fitar da inbois bayan an kai kaya ko an karɓi kuɗi. A Italiya, alal misali, kwana 12 ne ga inbois na yau da kullum. A wasu wuraren kaya ba sa hawa titi sai da takardar da hukuma ta riga ta amince da ita, kamar yadda ake yi a Brazil. Inda haka take, tagar da ke hannunka ita ce tsakanin gama lodi da tashin mota, wato mai rubuta inbois dole ta kasance a kan kujerarta a lokacin da ake lodi, ko da Asabar ce da yamma. Haka nan kuɗin kafin alƙalami: a dokokin VAT da yawa karɓarsa kaɗai yana wajabta haraji, don haka yana bukatar inbois nasa, wanda za a cire daga na ƙarshe. Kamfanin da ya saba karɓar rabin kuɗi ya rubuta a littafi kawai sai an gama aiki, wannan al'adar ba za ta rayu ba.

Canji na biyu ya shafi bayanan kwastoma. A da idan an rubuta sunan kamfani da ɗan kuskure, ko aka bar gurbin lambar haraji babu komai, takarda na tafiya abinta. Yanzu kwamfutar hukuma na gwada abin da ka rubuta da rajistarta. Meziko ta kai wannan maƙura a sigar inbois ɗinta na lantarki mai suna CFDI 4.0, inda sunan mai saye, da lambar harajinsa, da lambar gidan waya ta adireshinsa, da rukunin harajin da yake ciki, dole su dace da abin da ke rajista, in ba haka ba takardar ba ta wucewa. Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne karɓar sabon kwastoma ya zama mataki mai zaman kansa. Kafin cinikin farko a nemi takardar rajistarsa, a duba lambar a shafin hukuma inda akwai wannan damar, a shigar da ita sau ɗaya, a hana kowa sake buga ta da hannu. Tsofaffin kwastomomi kuma a zauna a bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ranar farawa. Aiki ne mai gundura, kuma kusan kowa yana ɗage shi har sai ranar da direba ke jira a waje, allo kuma na nuna jan rubutu.

A nan akwai wani abu da ya kamata ya zauna a kan kowa: amincewar hukuma ba shaida ba ce cewa inbois daidai yake. Abin da kwamfutar ke dubawa shi ne siffa. Shin guraben dole sun cika, shin lambar harajin tana raye a rajista, shin lissafin layuka ya yi daidai da jimilla, shin ba a taɓa turo wannan lambar ba. Ba ta san ko kwali 36 aka loda ko 40 ba. Ba ta san cewa kwastomanka yana da kamfanoni biyu masu suna kusan iri ɗaya, kuma ka zaɓi wanda ba shi ya yi odar ba. Wannan kuskuren na biyu yana wucewa sumul, sai bayan makonni akantan kwastoma ya kira ya ce bai ga takardar a shafinsu ba. Gyaransa kuma shi ne a rage dukkan inbois ɗin daga kamfanin farko, a fitar da sabo ga na biyu. Haka ma sanya kaya a rukunin harajin da ba nasa ba: idan lissafin ya daidaita, tsarin zai karɓa, laifin kuma yana nan yana jiran mai bincike. Kurakuran da tsarin ke ƙi su ne masu sauƙi, domin nan take kake saninsu.

Amma ko su sai an sa musu ido. Turawa daban, karɓa daban, kuma ba kullum amsa ke dawowa nan take ba. A tsarin Hungary, manhaja na turawa ta karɓi lambar shaida, sannan ta koma ta tambayi matsayin takardar: tana iya kasancewa a PROCESSING, ta ƙare a DONE, ko a ABORTED idan an ƙi ta. Saƙon ERROR na nufin rahoton bai shiga ba, WARN kuma na nufin ya shiga amma akwai abin dubawa. A Italiya amsar SdI na iya ɗaukar har kwana biyar, kuma inbois ɗin da aka ƙi a idon doka kamar ba a taɓa fitar da shi ba ne. Mai shi yana da kwana biyar ya gyara ya sake turawa. Ka ga ke nan kamfani zai iya kai kaya, ya ba kwastoma kwafin takarda, kowa ya watse, alhali a hukumance babu inbois. Maganin wannan ba fasaha ba ce. Mutum ɗaya ne, da sunansa, wanda aikinsa ne kowace safiya ya buɗe jerin takardun jiya ya tabbatar babu wadda ta maƙale ko aka ƙi, da kuma wani da zai tsaya masa ranar da ba ya nan. Ba akantan ƙarshen wata ba, domin kafin ya zo wa'adin gyara ya wuce.

Dalilan ƙin takarda sukan maimaita kansu, kuma ɗaya daga cikinsu yana ba mutane mamaki, wato cike ragowar lissafi. A ce inbois yana da layi goma, kowane layi 10.10, haraji kashi 15. Harajin layi ɗaya 1.515 ne, a cike shi ya zama 1.52, sau goma 15.20. Idan kuwa aka haɗa jimillar 101.00 aka ɗora haraji sau ɗaya, 15.15 za a samu. Bambancin 0.05 ne, babu ɗan Adam ɗin da zai kula da shi, amma idan manhajarka na bin hanya ɗaya, ƙa'idar hukuma na bin ɗayar, kuma bambancin ya wuce ɗan sassaucin da aka yarda da shi, za a dawo maka da takardar. Alamarsa ita ce ƙananan inbois na wucewa, masu layuka da yawa ne ke faɗuwa. Shi ya sa idan ana gwajin manhaja kafin farawa, bai kamata a gwada da ciniki mai sauƙi ba. A ɗauko mafi rikitarwa daga cikin na bara: mai ragi, mai kaya iri biyu masu haraji daban, mai kuɗin ƙasar waje, mai kafin alƙalami, da takardar ragi da ke nuni ga inbois ɗin da aka fitar tun kafin sabon tsari.

Saura maganar ɗaukewar intanet, wadda kowa ke tambaya a kanta. Dokoki sukan tanadi hanya: a ci gaba da ciniki a tura daga baya cikin wa'adi, ko a sanar da hukuma matsalar. Abin da ɗan kasuwa ke bukata shi ne ya san ƙa'idar ƙasarsa tun kafin ranar, ya rubuta ta a takarda guda kusa da kwamfuta, ya kuma bambance tsakanin faɗuwar tsarin hukuma da yankewar layinsa, domin ba lallai hukuncinsu ya zama ɗaya ba. Amma yankewa gaba ɗaya ba ita ce mai haɗari ba. Mai haɗarin ita ce rabin yankewa: an tura, allo ya yi ta juyawa, amsa ba ta dawo ba. Mai yiwuwa takardar ta isa, amsar ce ta ɓace a hanya. Idan ma'aikaci ya gaji ya buɗe sabon inbois da sabuwar lamba, ya ninka cinikin da hannunsa, mun koma kan matsalar 18,550. Ƙa'idar ita ce a sake tura takardar da lambarta ta farko, ko a tambayi matsayinta. Tsare-tsaren an gina su ne su gane maimaici. A Indiya, alal misali, lambar IRN ana samar da ita ne daga lambar harajin mai sayarwa, da irin takardar, da lambarta, da shekarar kuɗi, don haka takarda ɗaya ba ta samun lamba biyu. Saƙon da ke cewa an riga an karɓi wannan takardar labari ne mai daɗi, ba kuskure ba.

Wannan ya jawo maganar lambobin inbois kansu. Ƙaramin kamfani yakan wayi gari da hanyoyi uku na fitar da takarda: manhajar ofis, littafin rasit a sito, da fayil a kwamfutar mai gida don kwastomomi na musamman. Dole su koma ɗaya, ko kuma kowace ta sami jerinta da hukuma ta sani. Littafin hannu da aka bari a aljihun tebur don ko-ta-kwana shi ne ke haifar da cinikin da ya shiga banki amma bai shiga rahoto ba.

Ɓangaren saye ma ya juya, ko da yake ba a cika maganarsa ba. Harajin da kake cirewa a kan sayayyarka yanzu ya dogara ne ga ko mai sayar maka ya yi nasa aikin. A Indiya takardar da ya kamata ta ɗauki IRN amma ba ta da ita ba inbois ba ce a doka. A Kenya, tun Janairun 2024, kuɗin da aka kashe ba tare da inbois na tsarin eTIMS ba ba a yarda a cire shi a lissafin harajin riba, sai abubuwan da doka ta keɓe. Don haka kafin a biya mai kawo kaya, a duba cewa takardarsa ta bayyana a shafin hukuma, ko a gwada lambar QR ɗin da ke jikinta. Lokacin da kuɗi ke hannunka ne kake da bakin magana. Bayan ka biya, roƙo ne ya rage. Ni dai ina ganin nan ne tsarin ya fi cizon mafi ƙanƙantar masu sana'a, domin kwastoman da ya rasa damar cire haraji sau biyu saboda takardarka ba zai yi gardama da kai ba, wani mai kawo kaya zai nema.

Aikin akanta bai ƙare ba, wurinsa ne ya canza. Ƙasashe kamar Chile da Italiya suna shirya wa mai biyan haraji daftarin takardar VAT daga bayanan da suka riga suka tara, don haka tambayar ƙarshen wata ta daina zama nawa muka sayar, ta koma me ya sa littafinmu ya bambanta da na hukuma. Gwadawar da ta fi amfani ita ce ta mako-mako, kuma lamba uku kawai take bukata daga kowane ɓangare: yawan takardu, jimillar ciniki, jimillar haraji. Idan yawan takardun hukuma ya fi naka, akwai maimaici ko wani ya fitar da inbois ta wata hanya. Idan naka ya fi, akwai wadda aka ƙi ko ta maƙale. Idan yawan ya yi daidai amma kuɗin ya bambanta, to wani ya gyara adadi a littafin kamfani bayan an tura, kuma wannan ne dalilin da ya sa ya kamata manhaja ta kulle duk takardar da hukuma ta karɓa, ta yadda ko mai kamfanin ba zai iya taɓa ta ba. Abin adanawa kuma shi ne ainihin fayil ɗin da aka tura, wanda galibi XML ne, tare da amsar hukuma. A ƙasashe irin su Italiya da Meziko wannan fayil ɗin ne inbois a doka, kwafin da aka buga a takarda hotonsa ne kawai, don haka duk mai shirin canza kamfanin manhaja ya fara sauke fayilolinsa na duk shekarun da doka ta ce a ajiye kafin ya rufe asusun.